Kurakuran da ake yi wajen karanta layin girman yaro a katin awo

Ranar rigakafi a kowane ƙaramin asibiti a Katsina, abin da uwa ke son ji idan an sauke ɗanta daga sikeli shi ne kilo nawa. A faɗa mata, a rubuta a kati, ta naɗe katin ta zura a jaka. Shafin nan mai layuka da suka lanƙwasa kamar baka sau da yawa haka yake komawa gida ba ɗigo ko ɗaya a kansa. Alhali lambar kilo ita kaɗai ba ta faɗin komai sai an ɗora ta a kan shafin, an haɗa ta da ta watannin baya.

Layukan Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta fitar da su a 2006, bayan an bi girman yara masu lafiya da ke shan nono a ƙasashe shida, ciki har da Gana. Don haka zancen cewa ma'aunin 'ya'yan Turawa ne ba shi da tushe. A wasu katunan layukan biyar ne masu lamba 3, 15, 50, 85 da 97, waɗanda likitoci ke kira fasentayil. Ma'anarsu mai sauƙi ce. A jera yara maza ɗari masu lafiya, waɗanda watanninsu suka zo daidai, daga mafi rashin nauyi zuwa mafi nauyi. Wanda ke kan layin 15, yara kusan 15 ne ya fi nauyi, sauran sun fi shi. Na kan layin 50 shi ne a tsakiyar jeri. Wasu katunan kuma 0, -2 da -3 aka rubuta. A nan 0 shi ne layin 50, -2 kuwa yana dab da layin 3.

Kuskuren farko daga nan yake tasowa: ɗaukar lambar kamar makin jarrabawa. Uwa ta ji ɗanta yana kan 15, sai hankalinta ya tashi, ta ga kamar ya faɗi. Wata ta ji nata yana kan 50, sai ta kwanta da bakin ciki wai rabi kawai ya ci. Babu ci babu faɗuwa a nan. A cikin yaran nan ɗari dole wani ya zama na sha biyar, kuma lafiyarsa ƙalau. Abin dubawa shi ne ko yaron yana bin layin da ya saba bi.

Ga misalin yara biyu maza. Na farko yana da kilo 6.5 a wata shida, 7.3 a wata tara, 7.9 a shekara ɗaya. Layin 3 na maza a waɗannan watanni yana kan 6.4, 7.2 da 7.8. Ashe yaron yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da layinsa, duk wata uku yana ƙara abin da ya kamata. Ƙarami ne, ana sa masa ido don yana bakin iyaka, amma yana girma. Na biyu yana da kilo 7.9 a wata shida, daidai layin 50. A wata tara ya zo da 8.0, a shekara ɗaya 8.1. Idan ka ajiye su gefe da gefe ranar da suka cika shekara, na biyun ya fi nauyi da giram 200, kuma duk wanda ya kalle su zai fi tausaya wa na farko. To amma layin 50 ya riga ya kai 8.9 a wata tara da 9.6 a shekara. Yaro na biyu ya sauko dab da layin 15 tun a wata tara, ya tsallake shi ya nufi layin 3 a shekara. A wata shida cur giram 200 kacal ya ƙara, inda ake sa ran kilo ɗaya da giram 700. Shi ne abin damuwa.

Wannan yaron na biyu ya nuna kuskuren da na fi gani, har a wurin ma'aikata. Ana duba lambar yau, a duba ta baya, a ga ba ta ragu ba, sai a ce, "Maman yaro, ai yana ƙaruwa, ki je abinki." Jariri ba babba ba ne da za a ce tunda bai rame ba shi ke nan. Aikinsa girma ne. Idan aka haɗa ɗigoginsa da biro aka ga layin ya kwanta a miƙe, yayin da layukan katin ke hawa, to ana barinsa a baya ko da sikeli bai taɓa nuna ragi ba. Gyaran ba wuya: a sa ɗigo duk ranar awo, a ja layi daga ɗigon baya, a dubi inda ya dosa.

Wani abu yana taimaka wa wannan matsala ta ɓuya. Yawancin yara ranar allura kawai suke hawa sikeli: sati shida, sati goma, sati sha huɗu, sai kuma ta ƙyanda a wata tara. Tsakanin nan ne ake fara ba yaro abinci, kuma a nan ne layin yara da yawa ke fara kwanciya. A shekarar farko awo duk wata ya kamata, ko babu allura.

Kafin a tayar da hankalin gida, a tabbata ɗigon yana wurinsa, don layin da ya faɗi kwatsam sau da yawa biro ne ya jawo. Shafin maza daban, na mata daban. Layin 50 na mace a shekara ɗaya kilo 8.9 ne, na namiji 9.6, don haka yarinyar da aka ɗora a shafin maza za ta fito kamar tana da matsala alhali lafiyarta lau. Watannin yaro kuma daga ranar haihuwa da ke jikin kati ake ƙirga su, cikakkun watanni, ba daga "an haife shi gab da ƙaramar Sallah" ba. Yaron da ya zo bai cika wata ba, ana cire makonnin da ya rage daga shekarunsa kafin a sa ɗigo, har ya kai kusan shekara biyu. Wanda aka haifa saura wata biyu, idan ya yi wata shida a duniya, gurbin wata huɗu ake duba masa.

Sai sikelin kansa. Tsakanin wata tara da shekara yaro yana ƙara abin da bai kai giram 250 ba a wata. Rigar sanyi da hula da safa da jiƙaƙƙen famfas a lokacin hunturu za su iya cinye wannan lissafi gaba ɗaya. A auna shi da kaya a Janairu, a auna shi tsirara a Maris, sai ka ga faɗuwar da babu ita. A tuɓe yaro, a mayar da allurar sikeli kan sifili bayan an rataya wandon awon, a jira ya daina wutsil-wutsil. Idan lambar ta ba da mamaki a sake aunawa nan take, kuma in da hali a riƙa amfani da sikeli ɗaya.

To an tabbatar saukar gaskiya ce. Nan ma akwai mai kuskure ta ɗaya gefen, wanda ke ganin duk tsallake layi tamowa ce. Jariri yakan rage nauyi a kwanakin farko, har kusan kashi goma cikin ɗari, ya mayar kafin sati biyu. Wanda aka haifa ƙato, musamman in uwar tana da ciwon suga, yakan sauko a hankali cikin watanni har ya samu layin da ya dace da jikin iyayensa, sai ya ci gaba da binsa. Alamar irin wannan ita ce yaron yana ci, yana wasa, yana ƙaruwa duk wata, kuma saukar tana tsayawa. Haka yaron da ya yi zazzaɓi ko gudawa na 'yan kwanaki zai ɗan faɗo, ya koma layinsa cikin makonni kaɗan. Saukar da ba a jira da ita ita ce wadda ta nufi ƙasa daga tsakiya ba ta tsaya ba, ko layin da ya kwanta wata biyu zuwa uku a jere, ko faɗuwa mai kaifi tsakanin awo biyu. Wasu kan ce sai yaro ya tsallake layi biyu tukuna. Wannan magana ta fi dacewa da katunan da ke da layuka da yawa kusa da juna. A katin da daga 0 sai -2, wanda ya jira layi biyu ya makara ƙwarai.

Mu koma kan yaro na biyu. Nauyi kaɗai ba ya bambanta gajeren yaro da ramamme, don haka sai a gwada tsawonsa, a kwance tunda bai kai shekara biyu ba. Idan abinci ya gaza, nauyi ne ke fara tsayawa, tsawo ya biyo baya, girman kai a ƙarshe. Nauyi ya sauka tsawo na kan layinsa, matsalar ba ta daɗe ba. Duk biyun sun sauka, ta kwana biyu. Sannan a ɗaura masa tef ɗin damtse, wanda ake amfani da shi daga wata shida zuwa ƙasa da shekara biyar: ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani, daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 ruwan ɗorawa. Sama da haka kore. A kuma danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku. Idan rami ya zauna a duka biyun, kumburi ne, kuma ruwan da ke jikinsa zai sa sikeli ya nuna ƙarin nauyi na ƙarya. Irin wannan yaro asibiti za a kai shi a ranar, ko me katin ya nuna.

Daga nan sai tambaya, kuma yadda aka yi ta yana da tasiri. "Kina ba shi abinci?" amsarta kullum "eh" ce. Gara a ce, "Maman yaro, jiya daga asuba zuwa dare me da me ya shiga bakinsa?" A nan ne za ka ji koko tsinkakke sau biyu, sai nono. Cikin ɗan shekara ɗaya bai wuce ƙaramin kofi ba, in an cika shi da ruwan koko babu wurin abin da zai gina jiki. Daga wata tara yana buƙatar abinci sau uku zuwa huɗu a yini bayan nono, kunu mai kauri da ba ya zuba daga cokali, da garin gyaɗa ko waken soya ko ƙwai, da ɗan mai a ciki. A tambaya ko an yaye shi ba shiri don uwar ta samu ciki, ko ya yi ƙyanda, ko zazzaɓin damina ya sha kama shi, ko akwai mai tsohon tari a gidan. Gudawar da ake ta jingina wa haƙori ana barinta makonni, ita ma tana cikin manyan masu kwantar da layi.

Idan tef kore ne, babu kumburi, yaron yana ci, sai a gyara abincin a dawo awo bayan sati biyu zuwa huɗu, a sikelin nan dai. Idan an gyara an dawo layin bai ɗaga ba, ko yana amai a kai a kai, ko yana haki da gumi in yana shan nono, to ba batun kunu ba ne kuma. Likita ya kamata ya duba shi, saboda ciwon zuciya, sikila, tarin fuka da ciwon mafitsara duk suna iya fara bayyana a katin awo. A tafi da katin, don ɗigogin baya ne farkon abin da likitan zai nema.