Wata guda na kamfen, amma kada rana ta wuce babu hanyar rajista

'Yan uwa masu makarantun kuɗi a unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi, in za ku yi kamfen ɗin ɗaukar yara na wata guda, ku gyara abu ɗaya tukuna: iyaye su san ƙofar da za su shigo. Ina ganin takardun talla masu kyau, amma babu inda aka ce wa uwa ta yi kaza.

Kowane saƙo, har na ranar farko, ya ƙare da matakai uku ɗin nan, kada su canza: karɓi fom a ofis, kawo takardar haihuwa da hoton fasfo da sakamakon tsohuwar makaranta, sannan a zo da yaro ranar gwaji. Lambar waya ɗaya, mutum ɗaya mai ɗauka.

Makonni biyun farko ku amsa abin da ke damun iyaye: wa ke riƙe da ajin KG, ƙarfe nawa ake tashi, shin yaro zai samu makarantar allo da yamma. Mako na uku ku faɗi kuɗin zango a sidi, har da na littattafai da yunifom, da ko ana biya kashi-kashi ta MoMo. Uban da ya tarar da ƙarin kuɗi a ofis ba ya dawowa.

Ku yi saƙon murya da Hausa da Twi, don iyaye mata da yawa a kasuwa suke saurara. In ana ta tambayar "ina zan zo?", matakanku ba su fito fili ba, ku sake bayyana su kafin makon ƙarshe.