Mutum Ɗaya Ya Biya, Mutum Goma Za Su Shiga: Kurakuran Masu Karɓar Kuɗin Tebur

Duk liyafar da ake sayar da tebur, ko ta tsofaffin ɗalibai ce ko ta neman gudummawa, rigimar bakin ƙofa kusan iri ɗaya ce, kuma tun ranar rajista ake shuka ta. Mai rajista ya rubuta sunan wanda ya biya, ya sa "mutum 10" a gabansa, ya wuce. To, mai biya daban, masu zama daban, kuma kowanne yana buƙatar gurbinsa a takarda.

Babban kuskure shi ne ba da kati ɗaya ga tebur guda. Iyali ba sa zuwa tare. A ce Alhaji ya kama tebur mai kujera 10 a kan naira 200,000. Uwargida da yara uku sun iso bayan magariba, katin kuwa yana aljihun Alhaji da bai taso daga kasuwa ba. Mai tsaron ƙofa ya ji kunya ya bar su suka shiga. Can sai ga ƙannensa biyu, kowa da aboki, su ma suka ce "teburin Alhaji". Mutum takwas ke nan, ba wanda ya ƙirga. Da Alhaji ya iso da amarya da abokan kasuwancinsa uku, ga kati a hannu, sun zama 13 a kan kujera 10. Wa za ka tayar? Mai abinci kuwa faranti yake ƙirgawa, ukun nan daga aljihun ƙungiya za su fita. Tebur biyar su yi haka, faranti 15 ke nan ba wanda ya biya.

Ni abin da nake yi, kowace kujera da katinta da lambarta: tebur na 7, kujera ta 1 zuwa ta 10. A miƙa wa mai biya duka goman ya raba da kansa, a ƙofa kuma a soke lamba da zarar ta shiga. Idan ta waya ake tura katin, kada ka tura hoto ɗaya, domin kafin la'asar ya zaga dangi. Kuma don Allah a daina cewa "ai babban mutum ne, ba za a tambaye shi sunaye ba". Kunyar da ka ji a waya ita za ta dawo maka ninki a gaban jama'a. Ka nemi sunaye kwana uku kafin taro, ka nemi lambar wani wakili da zai riga kowa zuwa. In bai kawo sunayen ba, kati ne kawai shaidar shiga. A yarda da canjin suna har zuwa jajibirin taro, amma daga bakin mai biya ko wakilinsa kaɗai.

Kuskure na biyu yana wajen kuɗi. Ana turo hoton shaidar biya, sai a rubuta "ya biya". Hoto ba kuɗi ba ne. Sai ma'aji ya gani a asusu. Ko kuɗin sun shiga, sau da yawa sunan da ya fito ba na mai teburin ba ne: ɗansa ne ya tura, ko akawun kamfani, ko mai shagon cire kuɗi na unguwa. Idan mutum huɗu suka turo 200,000 rana ɗaya, ba ka san na wa da na wa ba. Ka ba da lambar tebur tun kafin a biya, a rubuta ta a gurbin bayani lokacin turawa, kai kuma ka rubuta sunan da ya bayyana a banki kusa da sunan mai tebur.

Kamfani kuma da tsarinsa. Ka tambayi sunan da za a sa a takardar neman biya da rasit tun farko, domin rasit da sunan ma'aikaci ba lallai ya wuce a ofishin kuɗinsu ba. Ka kuma tambaya ko za su cire haraji kafin su turo, kada ka ga kuɗi sun gaza ka fara zargi.

Wanda ya ba da kafin alƙalami, a sa masa ranar ciko a rubuce, kuma kada kati ya fita sai ya cika. Yaron da zai zauna a kujera ya ci faranti, kujera ce, a faɗa tun wuri. Direbobi ma a yanke ko suna cikin goman ko za a yi musu nasu.

Idan an fasa, kuɗi su koma asusun da suka fito, ko da ƙanin mai tebur ya zo da kansa yana cewa a ba shi na kujerarsa.