Gasar kacici-kacici da karin magana: inda ake kuskure a aji huɗu zuwa shida

A yawancin gasar da ake yi a makarantun firamare na cikin Kano, hadda ake gwadawa. Malami ya ce "Baba na ɗaka, gemu na waje", hannuwa su tashi kafin ya rufe baki, wani ya ce "wuta da hayaƙi", a tafa masa. Yaron nan a bakin kakarsa ya ji amsar, bai yi tunanin komai ba. Alamar ita ce saurin: idan amsa tana zuwa cikin daƙiƙa biyu kuma daga yara ukun nan na benci na gaba, gasar ta zama tilawa.

Gyaran yana cikin rabon maki. Amsa maki ɗaya, dalili maki biyu. Wanda ya ce tsintsiya ce "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya", sai ya nuna mana shanun, ya nuna maɗaurin, da cikakkiyar jimla. A hana ɗaga hannu sai bayan rabin minti, kowace ƙungiya ta mutum biyar ko shida ta yi shawara, kuma mai magana ya riƙa sauyawa.

Akwai kuma malamin da ya riƙe amsar takardarsa kamar hukuncin alƙali. "Tsumangiyar kan hanya, fyaɗe yaro fyaɗe babba" yunwa ce, kowa ya sani. To, yarinya ta tashi ta ce ƙishirwa, ta ce ai ba ta barin yaro ko babba, kuma a kan hanya ta fi kama mutum. A ganina ta ci makin dalili cif, sannan a faɗa mata amsar da aka gada. Ka ce mata "kin faɗi" kawai, mako mai zuwa ba za ta buɗe baki ba.

Kada a yar da ba da gari. Ƙungiyar da ta kasa ta ce "mun ba ku gari", masu tambaya su ƙi ko su karɓa. Wata rana a sa su ba da unguwa, Fagge ko Gwale, mai karɓa ya faɗi abin da zai yi a can kafin ya warware. Nan bakin masu kunya ke buɗewa.

A karin magana, cike gurbi ya yi yawa: "Komai nisan jifa..." sai ajin ya ɗauka baki ɗaya. Wannan share fage ne kawai. A juya abin, malami ya kawo labari: wani bai duba littafinsa ba sai daren jarrabawa, wace karin magana za ka gaya masa? Ɗaya zai ce "Ba a fafe gora ranar tafiya", wani ya ce "Rigakafi ya fi magani". Duka biyun sun shiga, amma ta farkon ta fi dacewa, don maganar shirin ƙurarren lokaci take. A bar yaran su yi gardamar da kansu minti biyu kafin malami ya raba makin.