Yadda ake zaɓa wa wanda ya rasa mahaifi littafi mai sauƙin murya

Idan mutum ya rasa uwa ko uba, abin da ya fara zuwa wa masu son sa a rai shi ne su nemo masa littafi a kan mutuwa. Sai a je wurin 'yan littattafai a ɗauko wanda ke maganar kabari, ko hisabi, ko haƙƙin iyaye. Niyyar mai kyau ce, amma sau da yawa littafin yana ƙara wa mai makoki nauyi ne, domin abin da ke shiga zuciyar da ta yi rauni shi ne muryar da marubuci ya yi magana da ita. Littafin da bai ambaci mutuwa ko sau ɗaya ba yana iya sanyaya rai, wani kuma mai kalmar haƙuri a bangonsa ya hana barci.

Da farko, kada ka yi gaggawa. Kwanakin zaman makoki gida cike yake, ana ta "ya haƙuri" da "Allah ya jiƙan rai", ba wanda ke da natsuwar karatu. Lokacin littafi yana zuwa bayan an naɗe tabarmi, baƙi sun watse, 'yan'uwan nesa sun koma. A nan ne dare yake yin tsawo. Kafin lokacin, ka saurari yadda mutumin yake magana. Wani yana son a yi ta ba da labarin mamacin, har ya yi dariya da hawaye a ido. Wani da an ambaci sunan sai ya tashi. Wani kuma kansa yake tuhuma: "da na kai ta asibiti da wuri", "da na zo da ya kira ni". Wannan na uku shi ne ya fi buƙatar a yi masa zaɓi da hankali, domin duk wata murya mai faɗa zai ɗauka da shi ake.

Sai gwajin littafin kansa, kuma nan ne aikin yake. Ka buɗe wuri uku: shafin farko, wani shafi a tsakiya, da shafuka biyu na ƙarshe. Ka karanta a bayyane, a hankali, kamar mai makokin yana zaune kusa da kai a kan tabarma. Idan ka iso wata jimla ka ji kana so ka rage murya ko ka tsallake ta, littafin bai dace da yanzu ba. Ka lura da yawan "dole", "kaiconka", "ya kai gafili". Ka lura ko marubucin yana tsayawa ya siffanta jinya da fitar rai dalla-dalla. Ka kuma lura da wata matsala da ba a cika ganewa ba, wato marubucin da ke gaggawar lallashi, wanda a shafi na biyu ya riga ya ce maka komai zai wuce, ka share hawaye. Mai sabon rashi yana jin wannan kamar ana korar sa daga baƙin cikinsa. Muryar da ake nema ita ce wadda ba ta ɗagawa, ba ta sauri, ba ta neman mai karatu ya yi wani abu.

A ɗauki misalin budurwar da mahaifiyarta ta rasu wata biyu da suka wuce bayan doguwar jinya, ba ta samun barci, tana yawan cewa ba ta kyauta wa Inna yadda ya kamata ba. A gabanka akwai littattafai uku.

Na farko ɗan littafin wa'azi ne a kan biyayya ga iyaye. Batunsa ya yi daidai da halin da take ciki, kuma abin da ke cikinsa gaskiya ne. Amma rabinsa gargaɗi ne ga mai saɓa wa iyaye, ita kuwa ba ta da sauran damar komawa ta gyara. Ka ajiye shi. Idan tana son abin addini, a cikin Riyadus Salihin na Imam Nawawi akwai babi a kan kyautata wa abokan iyaye bayan rasuwarsu. Wannan yana nuna mata ƙofar da ke buɗe har yanzu, ta je ta gaida ƙawar Inna, ta kai mata ɗan abin hannu. Ka sa mata alama a wannan babin kaɗai.

Na biyu Shaihu Umar ne na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934. Muryarsa tana da natsuwa ƙwarai: dattijon malami ne zaune yana ba almajiransa labarin rayuwarsa. Shafin farko zai ci gwajin. Abin da ya sa na ce a duba ƙarshe ke nan, domin a cikinsa uwa ce ta bi sawun ɗanta da aka sace, ta faɗa bauta, ta sha wuya har ta kai Tarabulus, suna haɗuwa ba da jimawa ba ta rasu. Ga wadda ta binne uwa wata biyu da suka wuce, wannan ya yi kusa da ciwon. Bayan shekara yana iya zama littafin da zai ba ta damar yin kukan da ta riƙe.

Na uku Magana Jari Ce na Abubakar Imam, littafi na ɗaya, na 1937. Ba ruwansa da makoki. Aku ne ke ba Musa ɗan sarki labari bayan labari don ya hana shi fita. Labaran gajeru ne, kowanne shafuka kaɗan, ana iya gama ɗaya a rufe. Wannan yana da muhimmanci, domin baƙin ciki yana cinye hankali, mutum ya karanta layi sau uku bai riƙe ba. Ga shi kuma da yawanmu mun san muryar tun muna firamare, ba abin da zai zo mata ba zato. Shi zan ba ta. Duk da haka zan bi labaran tukuna, in sa takarda a kan uku ko huɗu masu sauƙi, tunda a cikinsu ma akwai masu kisa da mugunta.

Littattafan soyayya na kasuwa suna buƙatar ƙarin lura. Da yawansu a kan marainiya da azabar matar uba aka gina su, kuma an rubuta su ne don su sa kuka. Waɗanda ake karantawa a rediyo ko a waya ma, ka saurari minti biyar tukuna, domin kiɗan tausayin da ake sawa a ƙasa yana iya sauya muryar labarin gaba ɗaya. Ga Kirista, ko cikin Zabura a zaɓa: ta 23 tana kwantar da rai, ta 88 kuwa a cikin duhu take ƙarewa.

Wajen bayarwa, littafi ɗaya ya isa, mai manyan haruffa idan da hali. Ka ce, "Yaya, ga wannan, in barci ya ƙi zuwa ki ɗan duba. In bai yi miki ba ki ajiye." Kada ka dawo kana tambaya ko ta gama. Idan dattijuwa ce ko wadda ido ya gaji, ka zauna bayan isha'i ka karanta mata labari guda, ka tsaya tun ba ta gaji ba.

Za ka gane zaɓin bai yi ba idan ta kife littafin ta daina taɓa shi, ko barcin ya ƙara lalacewa, ko ta fara maimaita wata jimla daga ciki tana zargin kanta da ita. Sai ka ɗauke shi ba tare da dogon bayani ba. Kuka a kan shafi ba alamar kuskure ba ne, muddin ta koma ga littafin washegari da kanta. Idan kuwa watanni sun shuɗe ba ta cin abinci, ba ta iya aikinta, ko tana cewa gara ta bi Inna, wannan ya wuce abin da littafi zai yi, a raka ta ta ga likita.