Kurakuran da masu minshari ke yi da maganin barci

Kawuna direba ne, Gusau zuwa Sakkwato yake yi ta Talata Mafara, shekarunsa 52, mutum ne mai jiki kuma wuyansa kauri gare shi. Tun muna yara ake jin minsharinsa daga zaure, amma abin da ya dame shi bana shi ne yana kwana awa 7 ya tashi kamar wanda bai runtsa ba, kai na sara, baki ya bushe, fitsari sau uku huɗu a dare, ga gyangyaɗi da rana har a kan sitiyari. Sai ya ce ai barci ne ba ya samu, ya shiga wani kemis aka ƙirgo masa dayazefam, wanda mutane ke ce wa D5 ko baliyam, ƙwaya ɗaya da dare. Kwana huɗu da fara sha matarsa ta kira ni bayan asuba muryarta na rawa, ta ce "ɗan nan zo ka ga Alhaji, numfashi nai na ɗaukewa, in ya yi shiru har sai na girgiza shi." Da agogon wayarta ta ƙirga, a da shirun bai wuce daƙiƙa 15, yanzu kuma yana kai 40 kafin ya fizgo iska da wani irin gurnani kamar an shaƙe shi.

Kuskuren farko ke nan, ɗaukar ciwon ɗaukewar numfashi cikin barci a matsayin rashin barci. Shi wannan ciwo a maƙogwaro yake. In mutum ya yi barci naman maƙogwaro da harshe suna saki, ga mai ƙiba ko ƙaton wuya ko manyan ƙululun maƙogwaro sai hanyar iska ta rufe, ƙirji na ta ja amma babu abin da ke shiga. Likitoci na ƙirga duk tsayawar da ta kai daƙiƙa 10. Sau 5 zuwa 14 a awa ƙarami ne, 15 zuwa 29 matsakaici, 30 zuwa sama mai tsanani, to wanda numfashinsa ya katse sau 210 cikin awa 7 ka ga sau 30 ke nan a kowace awa, ina zai ji ya huta?

Abin da ke ceton mutum kuwa shi ne farkawa. Idan oksijin ya yi ƙasa a jini, gurɓatacciyar iska ta taru, ƙwaƙwalwa na zaburar da shi na 'yan daƙiƙu, naman maƙogwaro ya ƙara ƙarfi, hanya ta buɗe, ya koma barci bai ma san ya farka ba. To dayazefam da 'yan uwansa irin su lekzotan da rochi aiki biyu suke yi a nan kuma duka ɓarna ne, suna ƙara sakin naman da dama ya saki, sannan suna danne wannan zaburar, sai ƙwaƙwalwa ta makara wajen tashinsa. Shi ya sa shirun ke tsawo, oksijin ya ƙara faɗuwa, zuciya ta sha wahala. Mutumin zai ce maka yanzu ba ya farkawa da dare, yana ganin magani ya karɓe shi, alhali farkawar ce ke buɗe masa hanyar iska. Kuma dayazefam ba ya fita da wuri, kafin rabinsa ya bar jiki ana ɗaukar awa 20 zuwa 50, ga tsofaffi ya fi haka, in ana sha kullum taruwa yake yi, shi ya sa daren huɗu ya fi na farko muni, kuma da safe direba ya hau titi da shi a jikinsa.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne haɗawa. Kawu yana da ciwon baya na zaman mota, yana shan tiramadol, bai ma ɗauke shi abin faɗa ba sai da na ga katin a aljihun rigarsa. Tiramadol da kodin su can cibiyar numfashi ta ƙwaƙwalwa suke taɓawa, su rage umarnin jan numfashin shi kansa, wato dayazefam ya toshe hanya, su kuma su rage ƙoƙarin ja. Tun 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan haɗa irin su dayazefam da irin su tiramadol da kodin, a nan gida ma gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018, duk da haka ana samun sa a ɓoye. Giya ma haka take, firegabalin da ake ba masu ciwon jijiya ma haka. Har firiton na mura da wasu ke sha don kawai ya sa su barci, kada a raina shi in an ɗora a kan wani abu. Gyaran mai sauƙi ne, a kwashe duk abin da ake sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya, a zuba a leda a ajiye wa likita a tebur.

Akwai kuma masu jin wannan bayani su watsar da maganin dare ɗaya. Ga Kawu da ya sha kwana huɗu dainawa ba matsala ba ce, amma wanda ya yi makonni ko watanni yana sha kullum jikinsa ya saba, in ya yanke kwatsam zai iya samun rawar jiki, firgici, rashin barci mai tsanani, har da jijjiga irin ta farfaɗiya. Likita ne ke rage shi sannu a hankali. Haka mai farfaɗiya da aka rubuta wa irin waɗannan, kada ya taɓa maganinsa sai ya yi magana da mai duba shi.

A asibiti ma ana tafka kuskure, mutum ya shiga shi kaɗai ya ce "ba na samun barci" shi ke nan, a rubuta masa abin barci. A tafi da wanda ake kwana ɗaki ɗaya da shi, ko a ɗauki bidiyon minti biyu uku na barcin a waya yadda za a ji shirun da fizgar iskar, a faɗi hawan jini in akwai, a auna wuya da tef ɗin tela, in ya wuce santimita 40 alama ce da likitoci ke dubawa. A asibitin tarayya na FMC Gusau ko asibitin Yariman Bakura a nemi ganin likita, in ta kama a tura mutum ɓangaren kunne da hanci da maƙogwaro, ko gwajin barci na dare guda. Babban maganin ciwon wata na'ura ce, sifaf, mai hura iska ta abin rufe hanci don hanyar ta zauna a buɗe, tana da tsada kuma tana son wuta ko sola, to kafin a same ta a riƙa kwanciya a gefe ban da rigingine, a ɗaga kai, a rage ƙiba. In za a yi wa mutum tiyata ko allurar barci lallai ya faɗa wa mai sa barcin tun kafin a shiga.

Wanda ya sha magani kuma aka girgiza shi bai tashi ba, ko leɓɓansa da harshe suka yi duhu-duhu, ko numfashinsa ya koma ƙasa da sau 10 a minti, kada a ce a bar shi ya huce da barci, kada a ɗura masa ruwa ko madara don zai iya sarƙewa. A juya shi gefe, a ɗan ɗaga haɓarsa, a sa shi a mota zuwa asibiti tare da katin maganin.

Kawu dai an raba shi da D5, an canza masa maganin baya, matarsa ta ɗinka masa aljihu a bayan singileti ta cusa ƙwallon yara don in ya mirgina rigingine ya tokare shi. Likita ya hana shi doguwar tafiya har sai an yi gwajin, yanzu yaronsa ne ke riƙe da motar, mu kuma 'yan uwa muna ta haɗa kuɗin na'urar.