Da'ira ko Sanduna: Wane Zane Ya Dace da Kasafin Gida?

Ana ta tambaya wane zane ya fi nuna inda kuɗin gida ke tafiya: da'ira da ake yankawa kashi-kashi, ko sanduna da tsayinsu ke nuna adadi. To ga matakan:

1. Rubuta duk inda kuɗin wata ke tafiya, kowanne da adadinsa.
2. Mayar da su kaso cikin ɗari. Misali: abinci 40, haya 25, makaranta 15, sufuri 11, magani 9.
3. Tara su. Hattara, nan ake yawan kuskure: in ba su cika 100 ba, ko ka lissafa abu ɗaya sau biyu, zanen da'ira ƙarya zai yi maka.
4. Ƙirga rukunan. In sun wuce shida, ɗauki sanduna, don yankan da'ira za su sirance har rubutu ya rasa wurin zama.
5. Tambayi kanka me kake son gani. In rabon abinci cikin dukan kuɗin ne, da'ira ta isa. Kallo ɗaya za ka ga ya kusa rabi.
6. Duba adadin da suka yi kusa. Sufuri 11 da magani 9 kusan ɗaya suke a da'ira, amma tsayin sanda ba ya ɓoye bambanci.
7. In watanni biyu za ka gwada, sanduna kawai.
8. Fara sandunan daga sifiri, ka jera su daga babba zuwa ƙarami.