Darasi: Awon Kafasitar Na'urar Sanyaya Ɗaki

A watannin Maris, Afrilu da Mayu zafi a Sakkwato yakan haura digiri 40. A lokacin ne masu gida suka fi kiran mai gyara suna cewa, "Malam, esi na hura iska amma babu sanyi." Kafin ka ce gas ne ya ƙare, je ka tsaya kusa da injin waje ka saurara. Idan fanka na juyawa, amma kwamfuresa, wato injin da ke matsa gas, ya yi gurnani na ɗan lokaci, sai ka ji ƙas ya yi shiru, bayan 'yan mintoci ya sake, to fara zargin kafasita. Ita ce ke taimaka wa kwamfuresa ya tashi, ya kuma ci gaba da juyawa. Wannan darasi na esi na gargajiya ne. Mai inbata tsarinsa daban ne, kada ka taɓa cikinsa da wannan ilimi kawai.

Da farko kashe wuta daga makunnin bango, ka cire fulogi ko ka sauke bireka. Kashewa da rimot bai isa ba. Kwance marfin gefen injin waje inda wayoyi suke shiga. Za ka ga gwangwani mai launin azurfa, mai ƙafafu a kansa. Ita ce kafasitar kwamfuresa. Ƙaramar baƙa mai kusurwa huɗu da ke kusa da ita ta fanka ce. A wasu injinan an haɗa biyun a gwangwani ɗaya mai ƙafa uku, an rubuta C, HERM da FAN.

Kada ka kai hannu tukuna. Kafasita na iya riƙe wuta ko bayan an kashe, kuma tana iya jan mutum. Ɗauki rasista, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta, mai 20kΩ, 5W, ka riƙe ta da filaya mai hannun roba, ka haɗa ƙafafun biyu da ita na daƙiƙa goma. Wasu suna gittawa da sukundireba, amma tartsatsin da ke tashi yana iya ƙona ƙafar, ni ban ba ka shawarar haka ba. Sannan ka ɗauki hoton wayoyin da wayarka kafin ka zare su.

Yanzu dubi kan gwangwanin da kyau. Lafiyayyar kafasita kanta a shafe yake. Wadda ta lalace kanta yakan kumbura ya tashi kamar bayan faifai, har ƙafafun su karkace. Wani lokaci za ka ga mai ya tsattsafo, ƙura ta manne a kai ta yi baƙi. Zafi ne ke haifar da iska a ciki, iskar ta tura marfin sama, ta tsinke haɗin da ke ciki. Injin da aka kafa a bangon yamma, rana na dukansa tun azahar, ƙurar hunturu kuma ta toshe ragarsa, shi ya fi cin kafasita. Idan ta kumbura, babu buƙatar awo, sauya ta kawai.

Amma ba kowace matacciya ce ke kumbura ba, shi ya sa muke awo. Karanta rubutun jikinta. A ce an rubuta 35µF ±5% 450VAC. Ma'anarsa ƙarfinta maikurofarad 35 ne, kuma an yarda ya ragu ko ya ƙaru da kashi biyar cikin ɗari. Kashi biyar na 35 shi ne 1.75. Ke nan lafiyayya za ta nuna tsakanin 33.25 da 36.75.

Juya mitar awon lantarki, wato maltimita, zuwa wurin da aka rubuta µF ko CAP. Ba kowace mita ke da wannan wuri ba, ka duba kafin ka saya. Tabbatar ka zare wayoyin kafasitar duka, domin in suna haɗe mita za ta yi maka ƙarya. Ɗora jan tsinke a ƙafa ɗaya, baƙi a ɗayar, ko wanne ka sa a ina daidai ne. Jira lambar ta tsaya. Idan ka ga 34.6, kafasita lafiya lau, nemi matsalar a wani wuri, wataƙila wutar ce ta zo da rauni. Idan ka ga 24, ta gaji, ko da jikinta sumul yake. Idan sifili ka gani, ta mutu. Mai ƙafa uku kuwa awo biyu ake yi mata: C da HERM na kwamfuresa, C da FAN na fanka.

Wajen saye, lambar µF ta zama daidai da ta tsohuwar. Lambar VAC kuma, wato ƙarfin wutar da kafasitar ke iya jurewa, ta yi daidai ko ta fi, kada ta gaza. Auna sabuwar a gaban mai shago kafin ka biya.

Aiki: Kafasita mai 25µF ±5% ta nuna 22.8 a mita. Lissafa mafi ƙanƙantar lambar da aka yarda da ita, sannan ka faɗi ko za ka mayar da ita cikin injin.